Haƙoran roba: Abin da ke jawo wa tsofaffin Adar gyambon baki bayan ƴaƴansu sun biya kuɗin likita

A garuruwan arewacin Adar irin su Affala, da ke arewa da birnin Tawa, da wuya ka shiga gida ba ka ji an ce wani ɗa yana Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya wajen neman kuɗi ba. Daga cikin abubuwan da kuɗin da suke aikowa ke yi, akwai haƙoran roba ga uba ko uwar da haƙoransu suka zube gaba ɗaya. Ana kai tsohon birni, a auna masa baki, a yi masa jerin sama da na ƙasa, a ɗauki hoto yana murmushi a tura wa mai biyan kuɗin. A ganin iyali, an gama aiki ke nan.

A wajen likitocin haƙori kuwa, daga ranar ne aikin yake farawa. Haƙoran roba cikakku, wato waɗanda ke maye gurbin duka haƙoran sama ko na ƙasa, suna zaune ne kai tsaye a kan naman baki. Idan ba a cire su da dare ba, kuma ba a wanke su yadda ya kamata ba, abin da aka sayo don a sauƙaƙa wa tsoho cin abinci shi ne zai hana shi ci. Kuma tun da likitocin haƙori a Nijar a manyan birane suka fi taruwa, tsohon da ke ƙauye ba ya iya zuwa a duba shi duk sanda ya ji zafi. Yawancin kulawar a gida za a yi ta.

Matsalar ba ta Adar kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya a bakinsu. Abin da ya bambanta mu da wasu shi ne nisan asibiti, da zafin rana, da kuma kayan goge baki da muka saba da su, waɗanda suka dace da haƙorin halitta amma suke lalata na roba.

Dalilin da ya sa dole su kwana a waje

Ana yin haƙoran ne da wata irin roba mai tauri da ake kira akirilik. A ido tana da santsi, amma ɓangaren da ke manne da ganɗa da dasashi ba a goge shi ya yi sumul ba, domin dole ya bi siffar bakin mai shi. A ƙananan ramukan wannan ɓangare ne ragowar abinci da ƙwayoyin cuta ke taruwa, su yi wata dauɗa mai yauƙi da kurkurar ruwa kawai ba ta fitar da ita.

A cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wata dangin fumfuna da ake kira kandida. Tana zaune a bakin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba, saboda miyau yana wanke ta. To amma farantin haƙoran sama yana rufe ganɗa ruf, miyau ba ya shiga ƙarƙashinsa sosai. Da dare kuma miyau yana raguwa ƙwarai. Idan tsoho ya kwana da haƙoran a baki, ya ba wannan ƙwaya wuri mai ɗumi da laima na tsawon sa'o'i, babu abin da ke damun ta. Bayan wani lokaci sai ganɗar ta yi ja, ta kumbura.

Illar ba a baki kaɗai take tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Japan kan tsofaffi fiye da 500 masu shekara 85 zuwa sama, wanda aka wallafa a shekarar 2015, ya gano cewa masu kwana da haƙoran roba a baki sun ninka waɗanda ke cire su sau biyu wajen haɗarin kamuwa da ciwon huhu na nimoniya. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, tsoho yana iya shaƙar miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa cikin huhu yana barci ba tare da ya sani ba.

Don haka dokar farko ita ce a cire su idan za a kwanta, baki ya huta na tsawon dare. Lokaci ɗaya ne ake keɓewa: idan an cire haƙoran halitta aka saka na roba a rana guda, likita yana iya cewa a bar su a baki a daren farko. Wannan umarni na wannan daren ne, ba na kullum ba.

Abin da ya fi hana tsofaffi cire su shi ne kunya. Dattijo ba ya son jikoki, wani lokaci har matarsa, su gan shi baki a lotse. Maganin wannan ba faɗa ba ne. A samo masa ƙaramar roba mai murfi wadda ba a ganin abin da ke ciki, a ajiye masa kusa da shimfiɗa, ya cire bayan ya shiga ɗaki, ya wanke ya mayar kafin ya fita sallar asuba.

Yadda ake wanke su

Kayan aikin ba su da yawa: buroshi mai laushi wanda aka ware don haƙoran kaɗai, sabulu marar turare ko sabulun ruwa na wanke kwanuka, kwano, da ruwa mai tsabta irin wanda ake sha. Ruwan da ake buƙata a rana bai wuce buta ɗaya ba, don haka ƙarancin ruwa lokacin bazara ba zai hana ba.

A fara da zuba ruwa a kwano, a riƙe haƙoran a saman ruwan, ko a shimfiɗa tsumma a ƙasa. Dalili shi ne suna da santsi idan sun ji sabulu, kuma idan suka faɗi a kan siminti suna iya tsagewa, musamman na ƙasa da ke da siffar kofaton doki, wanda kan karye daga tsakiya. A goge ko'ina, amma a fi ba ɓangaren ciki lokaci, wato inda ke taɓa nama, domin a nan ne cutar take ɓoye, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi saboda ba a ganin sa. Sai a ɗauraye sosai har sabulun ya fita, a saka su cikin ruwa mai sanyi a rufe. Da safe a zubar da ruwan, a wanke robar ajiyar ita ma.

Baki ma yana buƙatar nasa wankin ko da babu haƙori ko ɗaya a ciki. A goge dasashi da ganɗa da harshe da buroshi mai laushi, ko da tsumma mai tsabta da aka naɗe a yatsa aka jiƙa. Bayan kowane cin abinci kuma a cire haƙoran a ɗauraye su. Tsohon da ke alwala sau biyar a rana ya riga ya samu lokacin yin haka: kafin ya kurkure baki ya cire su, ya zuba musu ruwa, ya mayar. Ga mai shan fura ko cin tuwon hatsi wannan yana da amfani sosai, saboda tsakin gero yana shiga ƙarƙashin farantin ya riƙa gugar nama.

Abubuwan da ba a yarda a goge su da su ba su ne waɗanda muka fi sabawa da su. Gawayi, toka, gishiri, yashi da soson ƙarfe duk suna kankare robar. Ko man goge baki na yau da kullum yana da ɗan ƙaiƙayi da aka yi shi don haƙorin halitta, wanda ya fi roba tauri nesa ba kusa ba. Asuwaki ma, idan mai tauri ne, a bar shi. Kowace kankara sabon maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta, kuma a cikinta ne jan goro da baƙin shayi da taba suke kamawa. Shi ya sa wanda ya fi dirza haƙoransa da toka, nasa ne suke fi saurin yin dauɗa.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Kada a zuba musu tafasasshen ruwa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, domin robar tana lanƙwashewa, kuma ko kaɗan ta sauya siffa ba za ta ƙara zama daidai ba. Haka nan kada a shanya su a rana ko a bar su a kan taga. A yankin Tawa, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Maganar ruwan jabel da ƙwayoyin jiƙawa

Goga da sabulu suna fitar da yawancin dauɗar, amma jiƙawa cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta tana ƙarasa aikin. A wasu farmasi na birane ana samun ƙwayoyin wanke haƙoran roba, waɗanda ake jefawa a ruwa su yi kumfa. Suna aiki idan an bi abin da aka rubuta a kwalin, amma akwai haɗari guda: sun yi kama da ƙwayoyin ciwon kai da ake narkawa a ruwa a sha. Tsohon da ba ya gani sosai ko ba ya karatu yana iya sha. Duk wanda ya aiko da su, ya tabbatar an yi bayani, an kuma raba musu wurin ajiya da magunguna.

Inda babu su, ruwan jabel da aka tsarma yana yin aikin, bisa sharaɗi uku. Na farko, haƙoran su zama roba zalla, babu ƙarfe a jikinsu, domin jabel yana cin ƙarfe. Na biyu, ƙarfinsa kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan an rubuta 2.6% a jikin kwalbar, murfi ɗaya na jabel da murfi huɗu na ruwa sun ba da wannan ƙarfin. Jabel ɗin da ake sayarwa a ƙulle a leda ko a kwalbar da babu rubutu, ba a san ƙarfinsa ba, a bar shi. Na uku, kada jiƙawar ta wuce minti 10. Wannan iyaka tana cikin ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararrun likitocin haƙoran roba ta Amurka ta fitar a 2011, domin idan aka daɗe robar tana koɗewa ta yi rauni. Bayan an fitar da su a ɗauraye da ruwa mai yawa har warin ya tafi. Ba a taɓa kurkure baki da wannan ruwa, kuma ya fi kyau wani matashi a gidan ya riƙa haɗa shi, ba tsohon da kansa ba.

Gyambon baki ba iri ɗaya ba ne

Mu ɗauki misalin dattijo mai shekara 70 daga wani ƙauye na karkarar Affala, wanda ɗansa da ke Abijan ya biya aka yi masa haƙoran sama da ƙasa, mu bi shi mu ga abin da kan faru.

A kwanakin farko zai ji zafi a wuri guda, galibi a gefen haƙoran ƙasa. Idan aka duba za a ga ɗan miki ƙarami, tsakiyarsa fari, gefensa ja, daidai inda bakin robar ke taɓawa. Wannan gyambon guga ne, kamar yadda sabon takalmi ke yi wa ƙafa, kuma kusan kowa yana gamuwa da shi. A cire haƙoran su huta, a riƙa kurkure baki da ruwa mai ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau uku ko huɗu a rana. Amma gishiri ba ya gyara robar. Likita ne zai rage wurin da ke gugar, aikin ƴan mintuna. Kafin a je, ya kamata dattijon ya mayar da haƙoran ya yini da su ko ya yi sa'o'i, don likitan ya ga ainihin inda suke danna. Darasin da ke nan ga mai biyan kuɗi shi ne, kada a mayar da tsoho ƙauye washegarin ranar da aka saka masa. A bar shi a birni mako ɗaya ko biyu, kuma kuɗin komawa gyara su shiga lissafi tun farko.

Kada a ɗauki wuƙa ko reza ko magagari a rage su a gida. Wanda ya yi haka yakan cire wurin da ba shi ne matsalar ba, ya ɓata gefen da ke sa su manne. Kada kuma a ɗora ƙwayar asfirin a kan mikin, tana ƙona nama.

Bayan wasu watanni, a ce dattijon ya saba da su har ya koma kwana da su. Wata rana jikarsa ta lura bakinsa yana wari. Aka cire na saman aka haska da tocilan waya, sai ga ganɗar ta yi jawur, jan kuma ya tsaya daidai iyakar da farantin ya rufe, kamar an zana. Wannan ita ce alamar kandida. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sau da yawa ba ta zafi, don haka tsoho zai ce lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci tana zuwa tare da tsagewar kusurwoyin leɓe, wadda ake ɗauka bushewar hunturu ce alhali man shafawa ba ya warkar da ita.

A nan ma'aikacin lafiya yana iya ba da maganin kashe kandida, irin su nistatin ko mikonazol, na mako ɗaya zuwa biyu. A faɗa masa duk magungunan da tsohon ke sha, domin mikonazol ba ya jituwa da wasu, musamman maganin tsinka jini na warfarin. Sannan a sani cewa maganin shi kaɗai ba ya isa. Ƙwayar tana zaune a jikin robar, don haka idan ba a koma cire haƙoran da dare da jiƙa su ba, ciwon zai dawo bayan an gama shan magani. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya da ake saya a kasuwa ba sa taɓa kandida, suna ma iya ƙara mata ƙarfi. Idan kuma ciwon yana ta dawowa duk da ana tsabta, a auna sugan jinin tsohon, domin ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana buɗe mata ƙofa. Bushewar baki ma haka, ko ta rashin shan ruwa ce ko ta wasu magungunan hawan jini.

Bayan shekara biyu ko uku, sai dattijon ya fara ƙorafin cewa haƙoran sun yi masa yawa, suna motsi idan yana magana, na ƙasa suna tashi idan yana tauna. Robar ba ta ƙara girma ba, bakin ne ya ragu. Ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa bayan an rasa haƙora, da sauri a shekarar farko, sannan a hankali har ƙarshen rayuwa, kuma na ƙasa ya fi na sama saurin tafiya. Haƙoran da ke motsi suna gugar nama, har wani lokaci wani nama ya tsiro ya naɗe a gefensu. Tura auduga ko tsumma a ƙarƙashi yana ƙara dauɗa ne kawai. Man manna haƙora da ake sayarwa yana taimakawa idan motsin kaɗan ne, ɗigo uku ko huɗu, a kuma wanke shi tas kowane dare. Idan sai an lafta da yawa suke zama, lokacin gyara ya yi: likita zai ƙara roba a cikinsu su sake bin siffar bakin, ko ya yi sababbi. Galibi ana sauya su tsakanin shekara 5 zuwa 10. Idan sun karye, kada a liƙa su da gam ɗin kasuwa, a tattara gutsattsarin a kai wa mai aikin.

Alamar da ba a jira da ita

Akwai gyambo guda da ya sha bamban da sauran. Mikin guga yana fara warkewa cikin ƴan kwanaki da zarar an cire abin da ke gugar sa. Idan an ajiye haƙoran, aka yi mako biyu miki bai warke ba, ko gefensa ya yi tauri, ko yana jini da an taɓa shi, ko akwai farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ko ƙullutu a wuya, to a kai tsohon babban asibitin jiha a Tawa ko wajen likitan haƙori ba tare da ɓata lokaci ba. Sankarar baki tana iya farawa da irin wannan kama, sau da yawa ba tare da zafi ba, kuma an fi ganin ta a gefen harshe da ƙarƙashinsa. Haɗarin ya fi yawa ga masu shan sigari da masu saka taba a baki. Ba kowane miki mai daɗewa ne sankara ba, amma babu mai iya rarrabewa a gida, kuma wadda aka gano da wuri ta fi sauƙin magani.

Abin da na nesa zai iya yi

Ɗan da ke ƙasar waje ba ya ganin bakin mahaifinsa, kuma idan ya tambaya a waya amsar da zai samu ita ce lafiya lau. Tambaya mai kama suna ta fi amfani: “Baba, a ina haƙoran suke kwana?” ko “Inna, har yanzu kina iya cin nama, ko kin koma kunu da fura kawai?” Tsohon da ya bar abinci mai tauri, ko ya koma ajiye haƙoran sai zai fita taro, yana faɗa maka cewa suna yi masa zafi ko da bai furta ba.

Ya kamata kuma a ɗora wa mutum guda a gidan alhakin dubawa sau ɗaya a wata. A cire haƙoran, a haska ganɗa, da dasashi, da gefen harshe da ƙarƙashinsa, da kusurwoyin leɓe. Idan an ga wani abu a ɗauki hoto, a sake ɗauka bayan mako guda don a gane ko yana raguwa. Sau ɗaya a shekara kuma, ko babu ciwo, a kai tsohon likita ya duba bakin da haƙoran tare. Bayan girbi, lokacin da aikin gona ya lafa, ya fi sauƙin shirya wannan tafiya daga ƙauyukan Affala zuwa birni, kuma kuɗin motar bai kai ko kusa da na yin sababbin haƙora ba.